Rabin Itacen Goggo Jan Ido

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da gidan Magini, kuma ɗakin girkinsu a jikinta yake. Tun da maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na saba zama a tsakar gida bayan sallar asuba da carbi a hannu, ba abin da nake kallo sai hayaƙin da ke fitowa ta ƙarƙashin kwanon rufinsu. Da shi nake sanin an tashi lafiya a gidan. In ya fito fari da kauri, ɗanyen itace aka kawo. In ya lafa, an ɗora tukunya. Daga bayansa kuma sai tari, irin wanda yake fitowa daga can ƙasan ƙirji. Ita ke nan, Goggo Jan Ido.

Ƙanwar Magini ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aurenta ya mutu tana da sauran ƙuruciya, ba ɗa ba jika, ta dawo gidan yayanta da akwati ɗaya. A ranar aka ba ta ɗan ɗakin da ke maƙale da ɗakin girki, washegari aka ba ta girkin. Ba wanda ya ce da ita wannan ne kuɗin hayarki. Kawai dai matar yayan ta miƙa mata ashana ta koma ɗaki, daga nan ba ta sake karɓa ba. 'Ya'yan gidan duk a hannunta suka ci suka girma, su ne kuma suka sa mata sunan, don ba su taɓa ganin idonta fari ba. Har maƙwabta suka ɗauka. Ita ma in an kira takan amsa.

Ɗakin girkin nan na sha shigarsa. Ba taga, ƙofa ce kawai gajeriya. Duwatsu uku a lungu, bango ya yi baƙi yana ƙyalli kamar an shafa masa mai, kunkunniya tana reto daga sama. In ka shiga a tsaye ba ka ganin komai, sai ka durƙusa. Haka take wuni, a durƙushe, tana hura wuta da baki in mafici ya gaza. Na taɓa ce wa Magini ya fasa mata ko 'yar taga ce, tunda aikinsa ne. Ya ce, "Iya, gidajen mutane nake ginawa, in na dawo nawa hutawa nake yi." A fito da murhun tsakar gida kuwa ba ta taso ba, don ya malala siminti ya shafa farin fenti, ya ce ba za a ɓata masa bango ba.

Tarin ya daɗe kafin ya zama ciwo. Da fari da safe ne kawai, daga baya ta fara tsayawa a tsakiyar magana don ta nemo numfashi. Ni na raka ta ƙaramin asibitin unguwa. Malamar asibitin ta daɗe tana sauraron bayanta da abin kunnen nan, sannan ta tambaye ta ko tana shan taba. Goggo ta rufe fuska da mayafi don kunya.

"Ba zaginki na yi ba, Baba," in ji malamar. "Huhunki ne irin na mai sha. A ina kike girki?"

Da aka gaya mata, sai ta ajiye abin rubutunta. Ta ce abin da ya riga ya lalace ba zai dawo ba, amma sauran da ya rage ana iya tsare shi, in an raba ta da hayaƙi. Magani zai sassauta mata ne kawai. In kuwa ta ci gaba da zama cikinsa, wata rana daga shimfiɗa zuwa ƙofa zai zame mata tafiya. Ita ce ta kwatanta mana gidan Mai Tukwane, wata mata da ke gina sabon murhu mai cin itace kaɗan.

Da Goggo ta kai wa yayanta maganar, yana cin abincin da ta dafa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Uwarmu a kan duwatsu ta yi girki har ta koma ga Allah."

"Da tari ta koma, Yaya."

"To ke kin fi ta ne?"

Duk da haka Goggo ta je gidan Mai Tukwane da ƙafarta, ta ce ba ta da abin saye, tana da hannu. Suka shirya. Duk ranar Allah, tsakanin kwashe abincin rana da ɗora na dare, sai ta je ta taka yumɓu, ta tankaɗe ɓuntun shinkafa. Rani guda ta yi tana wannan. Wani lokaci nakan bi ta, in zauna a inuwa. A nan na ji Mai Tukwane tana bayanin dalilin cuɗa yumɓun da ɓuntu: in an gasa, ɓuntun yana ƙonewa ya bar ƙananan ramuka a ciki, sai jikin murhun ya yi sauƙi, bai shanye zafin ba, bai kuma bar shi ya tsere ba. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa.

"Ku da duwatsunku, ai iska kuke dafa wa abinci," in ji ta. "Wuta ta bi nan, ta bi can, tukunya ta samu ragowa. Hayaƙin nan da ya cinye miki ido, me kike tsammani? Itacenki ne da bai gama ci ba yake tashi. Kin saya, kin sha, tukunya ba ta gani ba."

Ranar da Goggo ta kawo murhunta gida, a kai ta ɗauko shi, tana tafiya tana hutawa. Bai kai guiwa tsayi ba. Cikinsa gasasshen yumɓu, maƙeri ya yi masa riga ta ƙarfe da hannaye biyu. A ƙasa akwai 'yar ƙofa, da wani ɗan faranti da itace ke kwanciya a kai, iska kuma ta shiga ta ƙarƙashinsa. Daga nan maƙogwaro ya miƙe sama zuwa gindin tukunya. Akwai kuma wani zagayen ƙarfe da ake kewaye tukunyar da shi, a bar tsakani kamar kaurin ɗan yatsa, don zafin ya bi jikinta ya hau maimakon ya watse.

Ta ajiye shi a bakin ƙofar ɗakin girkin, inda iska ke samu, tunda malamar ta ce ko da sabon murhu kada ta rufe kanta. Ta faskara itace sirara, busassu. Ta zura 'yan ƙwarori, bakinsu kaɗai ke ci, in sun ci ta ƙara turawa. Da kunnawa ya ɗan yi hayaƙi, ba zan ce bai yi ba. Da cikinsa ya ɗau zafi sai wutar ta miƙe tana wata 'yar ƙara, hayaƙin ya koma siriri, sai ka duba da kyau. Ruwa ya tafasa ba ta hura ko sau ɗaya ba. Ta zauna a kan kujera, bayanta a miƙe, hannuwanta a cinya kamar baƙuwa. Ta ce, "Iya, ni yanzu me zan riƙa yi da bakina?"

Washegari da asuba na ɗaga kai ban ga komai a kan rufinsu ba. Na sa mayafi na zagaya, na same ta tana juya miya.

Watannin da suka biyo baya su ne na ga Goggo da kyau. Tarin bai tafi ba, amma ya daina tayar da ita. Jan idon ya washe, har ƙaramar jikar gidan ta tsaya tana kallonta ta ce an canja wa Goggo ido. Tufafinta suka daina wari. Tana gama girki da wuri ta shigo wurina, mu yi ta tsintar wake muna hira, tana kai zance ƙarshe ba ta tsaya ba. Kullum da yamma sai ta kwashe tokar murhun don kada ta toshe hanyar iska, ta goge shi da tsumma. Wuta kuwa ba ta kashe ta da ruwa. Takan zare itacen ta turmusa shi a ƙasa, ta bar murhun ya huce da kansa, don Mai Tukwane ta gargaɗe ta cewa ruwa a kan yumɓu mai zafi tsaga shi yake yi.

Magini duk farkon wata yakan sa a kawo amalanken itace, kuma kafin wata ya mutu ya ƙare. Wannan karon mai itace ya zo ya tarar da kusan rabin na baya a jingine. Magini ya tsaya a kan tulin, hannu a baya. Ina hangensu, ina jin su ta kan katanga.

"Ke, zo nan. Abinci kika rage mana?"

"A'a, Yaya. Murhun ne."

"Wato da rabin nan ana iya ciyar da gidan nan."

"Da shi, e."

"To duk shekarun nan ina kike kai ɗaya rabin?"

Matarsa ta yi dariya daga ɗaki. Ya juya ya ce wa mai itace daga yau rabi zai riƙa kawowa. Ita ba ta damu ba, tunda yana isarta. Har ta ce mini ko ba komai Yaya ya ga amfanin abin da idonsa.

Ya gani kuwa. Babban ɗansa, wanda ake kira Sai Gobe don ba a taɓa sa shi aiki ya ce yau ba, ya kai shekarun da sa'o'insa duk suna da iyali. Uban ya gaji da ganinsa a kwance, ya kafa masa tebur a bakin titi ya riƙa sayar da shayi da ƙwai. Aka sayi butoci, aka sayi kofuna. Da aka zo maganar wuta, Magini ya ce ai akwai a gida.

Da hantsi ne, Goggo ta sauke tukunya ke nan. Ina gidan, na kai musu aron rariya. Sai Gobe ya zo ya naɗe hannayen murhun da tsumma.

"Ina za ka kai mini?"

"Baba ya ce."

Ta dafa murhun da sauran zafinsa, ta dubi yayanta da ke ɗaura agogo a ƙofar ɗaki.

"Yaya, nawa ne. Da ƙafata na taka yumɓunsa."

"Da ƙarfin abincin wa kika taka?"

"Malamar asibiti ta ce in na koma cikin hayaƙi..."

"Malamar asibiti ce ke ciyar da ke? Yaro zai nemi na kansa, ke kina maganar tari. Ke ba uwa ba ce a wurinsa? Au, na manta, ba ki san zafin ɗa ba."

Ta ɗauke hannunta. Na ce, "Magini, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Iya, an gode da rariya."

Sai Gobe ya ɗauka yana cewa, "Kwana biyu ne, Goggo, in na samu nawa zan dawo miki da shi." Ta bi shi har ƙofar gida tana faɗa masa: sirara, busassu, kada ka cika masa baki, kada ka zuba masa ruwa. Yana tafiya yana cewa to, to.

Da yamma ta mirgino duwatsunta uku daga bayan ɗaki, ta mai da su lungunsu. Ta so ta jera su a bakin ƙofa, matar yayan ta ce wannan ai zai baƙanta bango.

Da wata ya kama, mai itace ya kawo rabi, yadda aka umarce shi. Goggo ta tari yayanta ta ce yanzu fa ba zai isa ba.

"Watan jiya ya isa."

"Watan jiya da murhu."

"Ni dai na ga abin da gidan nan ke ci da idona. Ba za a koma gidan jiya ba. In kin iya tattali da, ki iya yanzu."

Itacen ya ƙare wata na tsakiya, kuma ba a rage ko baki ɗaya daga masu ci ba. Nan ne hayaƙin da nake kallo ya canja. Ya daina zama fari. Ya koma baƙi, wani lokaci da rawaya-rawaya a ciki, da wari mai kama maƙogwaro, har ni da ke wannan gefen sai na shige ɗaki. Goggo ta fara yawon bola da buhu. Kwali, tsumma, guntayen katako masu fenti daga wurin kafinta, tsofaffin silifa, leda. Roba tana kamawa da sauri, ta ce, tana taimaka wa ɗanyen ƙirare. Nakan jefa mata 'yan faskare ta kan katanga, amma girkin mutum ɗaya nake yi, abin da nake da shi ba ya kai ta ko'ina. Ta koma wurin Mai Tukwane ta ce a sake shiri irin na da. Matar ta yarda, ta zuba mata yumɓu. Goggo ta shiga ta taka kaɗan, sai ta zauna a ciki tana haki, leɓenta ya yi duhu. Mai Tukwane ta ce ko kyauta za ta ba ta wani murhun, in ta sake gasa sababbi bayan damina, don yanzu yumɓu ba ya bushewa. Ta kuma ce, "Amma wa zai hana a sake ɗauka?"

Wata rana na bi ta titin na ga teburin Sai Gobe. Ya cusa wa murhun wani ƙaton gungume har ya toshe ƙofar, ya cire ɗan farantin ya ɗora kofuna a kai. Hayaƙi na tuɗaɗowa, yana fifita da kwali yana zagi, yana gaya wa masu shan shayi cewa ƙarya ce kawai ake yi da murhun zamani. Na ce ɗana, ka rage itacen ka bar wa iska hanya. Ya ce, "Iya, shayi za ki sha ko wa'azi?" In ya tashi kuwa, ragowar ruwan buta yake sheƙa masa. Ban gaya wa Goggo ba.

Sana'ar ba ta kai ƙarshen damina ba. Ya dawo da murhun a bayan babur, ya ajiye a tsakar gida ya ce, "Ga kayanki, alkawari ya cika." Cikin ya tsage gida-gida, maƙogwaron ya rufta, rigar ƙarfen kawai ke riƙe da gutsattsarin. Da Goggo ta taɓa sai suka zube. Ta tsuguna ta tsince su ɗaya bayan ɗaya a zaninta. Matar yayan ta ce ta share wurin in ta gama.

Ba a yi wata ba ta kwanta. Yadda malamar ta faɗa haka ya zama: daga shimfiɗa zuwa ƙofa sai ta huta. A zaune take barci, a zaune take salla. Dole matar Magini ta karɓi ashanarta. Ta shiga ɗakin girkin nan ta yi kwana biyu, ta fito idonta na zubar da ruwa, ta ce wallahi ba za a kashe ta ba, ko a gyara ko ta tafi gidansu. A ranar Magini ya zo da guduma ya fasa taga. Bai ɗauke shi daga la'asar zuwa magariba ba. Washegari ya je gidan Mai Tukwane da kansa ya ɗauko murhu daga gashin farko na bayan damina, babba, wanda ya fi na Goggo.

Ina zaune a bakin shimfiɗarta muka ji ana kunna shi. Bango ɗaya ne tsakani. Ta kasa kunne, ta ce a hankali, "Ta cika masa baki." Ta tattara numfashi ta ɗaga murya iyakar iyawarta.

"Matar Yaya, ki rage. Sirara."

"Wa ya tambaye ki?" aka amsa daga can.

Amma mun ji ana zare itace. Can sai ga 'yar ƙarar nan ta wuta in ta miƙe. Goggo ta jingina kanta da bango ta lumshe ido. Ta ce, "Kin ji? Ya kama."

Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, Allah Ya gafarta mata, Ya sa ta huta. Da mutane suka zo gaisuwa, a kan sabon murhun aka dafa musu abinci, a tsakar gida, kan simintin, don matar gidan ta ce nan ya fi iska. Mata suka kewaye shi suna mamaki, babu hayaƙi. Magini yana zaune a ƙofa yana karɓar gaisuwa, na ji yana gaya wa wani abokin aikinsa cewa ciwon ƙirji ne, na gado, haka uwarsu ta yi.

"Mun yi iyakar ƙoƙarinmu," in ji shi. "Har taga na fasa. Ga murhu can na saya, ka shiga ka gani. Rabin itace yake ci."

Mutumin ya ce Allah Ya saka masa da alheri, ba kowa ke riƙe 'yar'uwa haka ba.

Ni aka sa in kwashe kayan ɗakinta. Akwatin nan ne da ta zo da shi, da dadduma, da carbi. A ƙarƙashin gado na tarar da gutsattsarin murhunta a ƙulle cikin tsohon zani, da wani ɗan dami na itace da ta faskara sirara ta ɗaure da igiya, sun bushe ƙayau. Matar Magini ta leƙo ta gani. Ta ce in zubar da fasassun, itacen kuma in miƙo mata, za ta ɗora ruwan shayin baƙi.